Saka hoto a cikin firam ɗin da ke rataye a bango: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da matasa masu aikin hoto da ordinata a nan Maradi suke yawan kawowa. Aikin shi ne: kana da hoton falo ko ofis inda firam yake rataye babu kome a cikinsa, kana kuma da wani hoto dabam, kana so ka shigar da shi cikin firam ɗin har mai kallo ya ɗauka dama can a ciki yake. Zan yi bayani da Photoshop, da sunayen da ke kan allo cikin Faransanci tunda shi ne a yawancin ordinatocinmu, ina haɗawa da na Ingilishi inda ake iya rikicewa. Abin da allo ke kira Calque, ni falle zan riƙa ce masa.

Misali ɗaya za mu bi har ƙarshe. Wani Alhaji a unguwar Ali Ɗan Sofo ya sa kafinta ya yi masa firam na katako, bakinsa na ciki santimita 40 a faɗi, 60 a tsawo. Yana so ya ga yadda hoton mahaifinsa zai zauna a falon kafin ya biya kuɗin bugawa. Ɗansa ya ɗauki bangon da waya, hoto mai fiksel 4000 a kan 3000, yana tsaye daga hagun firam ɗin, nisan kamar mita 2. Taga kuma tana daga dama.

Malam, na ja hoton ya cika firam ɗin daidai, amma fuskar ta yi faɗi. Mene ne ya jawo?

Tun kafin ka taɓa kusurwa ko ɗaya matsalar ta faru. Photoshop bai san girman firam ɗin na gaskiya ba. Duk abin da ka ba shi mai kusurwa huɗu zai miƙe shi ya cika wurin da ka nuna masa, ko da kuwa mutumin da ke ciki zai koma gajere mai kumatu. Don haka aikin farko shi ne siffar hotonka ta zama ɗaya da siffar bakin firam ɗin yadda yake a zahiri, wato yadda mitar tela za ta auna shi, ba yadda ya fito a hoton bangon ba.

Firam ɗin Alhaji 40 ne a kan 60, wato 2 a kan 3. Hoton mahaifin nasa kuwa 3000 ne a kan 4000, wato 3 a kan 4, siffar da yawancin wayoyi ke ɗauka. Ba su yi daidai ba. In ka bar tsawon a 4000, faɗin da ya kamata shi ne kashi biyu cikin uku na 4000, wato 2667. Ke nan fiksel 333 za su tafi daga gefe. Sai ka duba ko akwai wurin yankewa ba tare da ka ci kafaɗar babbar riga ba. In babu, sai ka ƙara farin gefe kewaye da hoton har jimillar ta kai 2 a kan 3, irin farin kwalin da masu firam ke zagayawa da shi. Ko yanka ko ƙari, ɗaya dai sai an yi. Miƙewa ce kawai ba a yi.

In mai aikin bai san awon firam ɗinsa ba, ka ce ya auna ya aiko. Kada ka yi ƙiyasi daga hoton da aka ɗauka a karkace, domin karkata tana rage faɗi. A misalinmu gefen hagu na firam ɗin ya fito fiksel 900, gefen dama 820, faɗi kuma 500. Wanda ya raba 500 da 860 zai ɗauka firam ɗin ya fi yadda yake siranta.

Wane kayan aiki ne na gyara karkatar? Na ga an rubuta Perspective, na danna, bai zauna ba.

Ba shi ba ne, ko da yake sunansa ya fi kowanne kama da abin da ake nema. Perspective yana motsa kusurwa biyu tare, in ɗaya ta hau ɗayar ta sauka daidai gwargwado. Hakan na aiki ne kawai in mai ɗaukar hoto ya tsaya da kyamara daidai tsakiyar firam, abin da ba ya faruwa a falon mutane. Ɗan Alhaji ya riƙe wayar ƙasa da firam ɗin kaɗan, don haka layin sama ya fi na ƙasa gangarawa.

Abin da kake so shi ne wanda ke barin ka ja kowace kusurwa ita kaɗai. A Faransanci yana Édition, sai Transformation, sai Torsion. A na Ingilishi shi ne Distort. Ka kula da nan, don Déformation da ke ƙasansa wani abu ne dabam, shi ne Warp, mai lanƙwasa hoto. Hanya mafi sauri ita ce Ctrl+T, sannan ka danne Ctrl kana jan kusurwar.

Ga yadda nake bi. Na buɗe hoton bangon, na shigo da hoton mahaifin da aka riga aka yanke, na danna masa dama na zaɓi Convertir en objet dynamique. Na rage Opacité zuwa kashi 50 don in riƙa hango firam ɗin ta cikinsa. Sai in kai kowace kusurwa kusa da wurinta a gurguje, daga baya in ƙara girman allo zuwa kashi 300 in zaunar da su ɗaya bayan ɗaya. Kusurwa huɗun nan sun isa. Da zarar sun zauna daidai, duk abin da ke tsakaninsu lissafi ne ke raba shi, sashen da ke nesa ya matse, na kusa ya buɗe, ba sai ka taɓa kome ba.

Me ya sa sai an mayar da shi objet dynamique?

Saboda kowane ja da ka tabbatar a kan falle na yau da kullum yana sake lissafa fiksel ɗinsa, hoton yana ƙara dishi-dishi. Objet dynamique yana ajiye asalin hoton a ciki, ko sau goma ka gyara kusurwa daga asalin yake ɗauka. Amfani na biyu ya fi wannan a wurin mai shago: in Alhaji ya dawo ya ce a gwada masa hoton da ya ɗauka a Makka maimakon wancan, danna biyu kawai za ka yi a kan ƙaramin hoton fallen, ka sa sabon hoto mai 2 a kan 3, ka ajiye. Karkata da inuwa duk suna nan yadda ka bar su.

Wace kusurwa ce ta gaskiya? Firam ɗin yana da layi biyu a ciki.

Nan ne ake gane wanda ya taɓa riƙe firam a hannu. Hoto ba a fuskar katako yake ba, yana can ciki, bayan leɓen firam ɗin. A na Alhaji zurfin leɓen santimita 1 ne. Tunda an ɗauki hoton daga hagu, abu biyu ne suka faru. A gefen dama, wanda ke nesa, kana ganin cikin leɓen a fili, kamar siririn bango, sai bayansa kwalin baya ya fara. A gefen hagu kuwa, wanda ke kusa, ba ka ganin cikin leɓen ko kaɗan, shi ne ma ya rufe ɗan sashen kwalin, kamar rabin santimita.

To kusurwoyin dama ka ɗora su inda kwalin baya ya haɗu da cikin leɓe, ba a bakin katako na waje ba. In ka ɗora su a waje, ka shafe kaurin firam ɗin ke nan, sai ya koma kamar zane a bango. Kusurwoyin hagu kuwa ɓoye suke. Ka bi layin sama da na ƙasa, ka wuce da su ƙarƙashin katako da fiksel 7 ko 8, domin a wannan gefen santimita ɗaya a tsaye fiksel 15 ne, 900 raba 60.

Rarar da ta hau kan katako ba gogewa ake yi ba. Ka ɗauki Lasso polygonal ko Plume ka zagaye bakin da ido ke gani, ka ba shi Contour progressif na rabin fiksel ko ɗaya, sannan ka danna alamar Masque de fusion a ƙasan jerin fallaye. Hoton zai shige ƙarƙashin katako yadda na gaskiya ke yi. Ka ajiye wannan zagayen, za mu sake bukatarsa wajen inuwa.

Ta yaya zan tabbatar karkatar ta yi daidai, ba wai idona ne kawai ya yarda ba?

Ka ja layi biyu a kan sabon falle, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, su gicciye. Inda suka haɗu nan ne tsakiyar firam ɗin ta gaskiya. Ba za ta faɗa a rabin faɗin ba, za ta gusa wajen gefen da ke nesa. A misalinmu rabin 500 shi ne 250, amma layukan sun haɗu a wajen fiksel 262 daga hagu, saura 238 zuwa dama. Tsakiyar hotonka dole ta faɗa nan. In hancin mutumin yana tsakiyar hoton asali, to ya kamata ya zauna a kan layin da ya ratsa ta 262. In ka same shi a 250, an lanƙwasa hoton ne da Déformation ko wata manhajar waya da ke miƙe shi ba tare da lissafin nisa ba.

Gwaji na biyu ya fi sauƙi. Ka miƙe layin saman hotonka da na ƙasa zuwa dama. Ya kamata su nufi wuri ɗaya da layin da bango ya haɗu da silin da kuma wanda ya haɗu da daɓe, in dai firam ɗin ba a karkace aka rataye shi ba. Na san wasu gine-ginenmu ba sa ba da layi madaidaici, don haka in bango da firam suka saɓa, firam ɗin za ka bi.

Kusurwoyi huɗu sun zauna, amma a tsakiyar gefe akwai ɗan fili da ya rage.

Gilashin kyamara ne ya lanƙwasa layin, musamman in an ɗauka da 0.5x ko firam ɗin ya faɗo a gefen hoto. In filin bai wuce fiksel 2 ko 3 ba, ka ƙara wa hoton girma kaɗan, Masque de fusion zai rufe sauran. In ya fi haka, ka fara gyara hoton bangon da Correction de l'objectif, sannan ka dawo. In da hali ma, a sake ɗauka da 1x daga ɗan nesa.

Yaya, na sa Ombre portée amma hoton ya zama kamar yana shawagi a gaban firam ɗin.

Haka zai zama, tunda ka gaya wa ordinata cewa hoton ne ke jefa inuwa a kan katako. A zahiri akasin haka ne: hoton yana ciki, leɓen firam ɗin ne ke tare haske ya jefa inuwa a kansa. Inuwar a cikin hoton take, kuma a gefen da hasken ke fitowa.

Wannan yakan ruɗa mutane, don haka mu duba falon Alhaji. Taga tana dama, sama da firam kaɗan. Inuwar da firam ɗin ya jefa a bango tana hagu da ƙasa, kuma tana nan a hoton tun asali, ba ruwanka da ita. Amma a ciki, leɓen dama da na sama su ne ke tsakanin taga da hoton, don haka inuwar ciki tana dama da sama. Ka riƙa karanta ta wajen, ita za ta gaya maka inda ta cikin za ta faɗa: kishiyar gefe.

Faɗinta ma ana iya lissafawa. In hasken ya zo a rabin karkata, digiri 45, faɗin inuwa daidai yake da zurfin leɓe, santimita 1. A gefen dama santimita ɗaya a tsaye kusan fiksel 14 ne, 820 raba 60, a kwance kuma karkata ta rage shi zuwa 12. Ke nan inuwarka fiksel 12 ce. Masu sa 40 da 50 suna nuna firam mai zurfin akwati ba tare da sun sani ba.

Ana iya yi da Ombre interne, amma na fi son ta hannu don tana ba ni iko da kowane gefe. Ka dawo da zagayen bakin firam, ka juya shi da Ctrl+Shift+I, ka cika sabon falle da launi mai duhu, ka saki zagayen da Ctrl+D. Allo yana kashi 100, ka danna V don ɗaukar Déplacement, ka tura fallen fiksel 12 hagu da kamar 8 ƙasa da maɓallan kibiya. Ka sa masa Flou gaussien na 6, ka manne shi da hoton da Ctrl+Alt+G don kada ya fita kan katako, ka mayar da shi Produit, wato Multiply, Opacité kashi 40. Launin kada ya zama baƙi ƙirin. Ka ɗauko shi da Pipette daga inuwar da ke bango, ka ƙara masa duhu. A falon da aka yi wa fenti ruwan madara, inuwa ruwan ƙasa-ƙasa take fitowa.

Laushin inuwar fa, nawa ya kamata?

Girman abin da ke ba da haske ne ke yanke wannan. Taga mai labule babba ce, inuwarta na narkewa a hankali. Ƙwan lantarki guda tsirara, ko rana da ta faɗo kai tsaye ta ƙofa, bakin inuwarsu kaifi gare shi, Flou na 1 ko 2 ya ishe su. Lokacin hunturu da hazo ya rufe sama, haske na watsuwa ko'ina, inuwa ta yi laushi ƙwarai har da ƙyar ake ganin bakinta. Ba sai ka yi ta hasashe ba, ka ƙara girman inuwar bango ka ga cikin fiksel nawa ta tashi daga duhu zuwa haske. Ta ciki za ta fi ta kaifi kaɗan, don leɓen ya fi kusa da hoton a kan yadda fuskar firam take da bango.

Akwai kuma wani siririn duhu da ke zagaye gefe huɗun duka, inda takarda ta shige ƙarƙashin katako kuma haske ba ya kaiwa. Ka yi shi a falle dabam kamar na farko, amma ba turawa, Flou na 2, Opacité kashi 25. Ba wanda zai ce ya gan shi, amma in babu shi gefen hagu da na ƙasa sai su yi kamar an yanka da reza.

An ce in cikin firam ɗin fari ne ba sai an yi duk wannan ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ita ce hanya mafi kyau in ta samu. In akwai farar takarda a ciki lokacin da aka ɗauki hoton, to inuwar gaskiya tana kanta. Ka mayar da fallen hotonka Produit kawai. Produit na ninka launin sama da na ƙasa, fari ba ya canza kome, duhu kuma yana ratsowa, sai inuwar leɓe da raguwar haske daga dama zuwa hagu duk su fito a kan hotonka. Shi ya sa nakan ce wa mai aiki ya sa farar takarda a firam kafin ya ɗauko mini.

Iyakarsa ita ce ba ya ƙara haske, sai ragewa. In bayan firam ɗin kwali ne ruwan ƙasa, farar rigar mahaifin Alhaji za ta rine ta koma kalar kwalin. Maganinsa: ka kwafi cikin firam ɗin daga hoton bango da Ctrl+J, ka ɗora kwafin a saman hotonka, ka cire masa launi da Ctrl+Shift+U, sannan da Ctrl+L ka ja shi har wurin da ya fi haske ya kusa zama fari, sai ka sa shi Produit. Ka sami inuwar ba tare da launin ba. In kuwa akwai tsohon hoto a ciki, sai dai ta hannu.

Kome ya zauna, amma har yanzu da gani ka san liƙawa aka yi.

Yawanci hoton ya fi ɗakin haske da tsabta ne. Ka ɗora Pipette a kan abin da ya fi fari a kusa da firam ɗin. A ce ka sami ja 215, kore 205, shuɗi 190. To farin da ke cikin hotonka ba shi da dalilin kai 255, takarda ba fitila ba ce. Ka sa Courbes ka manne shi da hoton, ka sauko da farin zuwa wajen 215, ka rage shuɗi kaɗan don ya ɗauki ɗumin ɗakin. Baƙin ma ka ɗaga shi ya yi daidai da wurin da ya fi duhu a falon, wanda ba safai yake 0 ba.

Sai kaifi. Hoto mai tsawon 4000 da aka matse zuwa 900 zai fi katakon da ke kewaye da shi kaifi, kuma ba shi da ɗan tsakin da waya ke bari in ta ɗauki cikin ɗaki. Flou gaussien na 0.5 zuwa 0.8, sannan Ajout de bruit na kashi 1 ko 2 da alamar Monochromatique. Ka duba a kashi 200 inda hoto ya haɗu da katako: in tsakin ɓangarorin biyu ya yi kama, ka gama.

Gilashi fa?

In firam ɗin na da gilashi kuma hoton taga ya fito a kansa, ka kwafi wurin, ka ɗora a sama, ka sa shi Superposition, wato Screen a na Ingilishi, ka ƙara duhun kwafin da Ctrl+L har ƙyallin kaɗai ya rage. In babu gilashi, ni ban ga dalilin ƙirƙiro ƙyalli ba. Farin layin da wasu ke shatawa a karkace bai dace da kowace taga da ke ɗakin ba, kuma shi ne abin da ido ke fara kamawa.

Ba ni da Photoshop. Akwai wata hanya?

GIMP kyauta ne, kuma abin da yake kira Perspective, Shift+P, yana barin ka ja kowace kusurwa ita kaɗai, saɓanin na Photoshop. Photopea kuma ta intanet ake buɗe shi, yana karɓar fayil ɗin PSD, maɓallansa kusan irin na Photoshop ne. A waya, duk manhajar da za ka gwada ka fara yi mata gwajin layukan da suka gicciye.

Alhaji ya ga samfurin ya ce a buga. Wanne zan kai?

Hoton asali mai 2667 a kan 4000, ba wanda ke cikin bango ba, shi wancan tsawonsa 900 ne kawai kuma a karkace. A kan santimita 60 asalin zai ba da fiksel 169 a kowane inci, wanda ya isa ga hoton da ake kallo daga kan kujera. In ta WhatsApp za a aiko maka da shi, ka ce a turo shi a matsayin Document, in ba haka ba za a matse shi ya ragu. Kuma ka gaya wa Alhaji tun da wuri cewa launin takarda zai ɗan fi na allon waya duhu, don kada ranar karɓa ta zama ranar gardama.